An turo mini imel cewa ba a ɗauke ni ba, in amsa ko in kama bakina?

'Yar Kiyawa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda irin wannan ya taɓa samu. Wata ƙungiya mai aikin abinci mai gina jiki ta nemi masu duba aikin masu tattara bayanai a ƙauyuka. Na cike, aka kira ni Dutse, muka yi gwaji a waya da safe, da rana aka yi mana tambayoyi, mutum uku ne a teburin. Mako biyu ina zuwa shagon caji ina duba imel, jiya da yamma sai ga shi: sun gode, amma sun ɗauki wani. Kuɗin mota ma rance na yi. Abin da ke cina shi ne ban san inda na faɗi ba. Yayana ya ce in share su, wai amsawa zubar da ƙima ne. Ni kuwa ina so in tambaye su, kuma ina so su tuna da ni in wani gurbi ya fito. Akwai wanda ya taɓa amsawa? Me ya biyo baya?

Na Gumel:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, haƙuri za ki yi. Ni sau huɗu ina amsa irin wannan, ko gyaran murya ba a yi mini ba. Aikin nan an riga an raba shi tun kafin a buga talla. In ba ki da kafa, datarki kawai za ki ƙona.

Anti Mai Fayil:
Na Gumel, kafin ka yanke hukunci, buɗe imel ɗin nan huɗu ka duba adireshin da ya turo su. In ka ga ya fara da `noreply` ko `no-reply`, to da bango ka yi ta magana. Na'ura ce ke turawa, kuma yawanci babu mai buɗe akwatin. Na yi shekaru ina riƙe da fayil ɗin ma'aikata a wata ƙungiya, don haka daga ɗaya ɓangaren teburin nake magana.

Abu na farko shi ne a wane mataki aka tsayar da mutum. Wanda ya tura takardu kawai aka ce masa a'a, gaskiya babu abin da za mu iya gaya masa, domin takardun suna da yawa, wani ma tun a sharaɗin farko aka cire shi, babu wanda ya karanta shi da natsuwa. Amma wanda ya zauna gaban kwamiti, wannan akwai takardar makinsa a fayil. Kowane ɗan kwamiti ya ba shi maki tambaya bayan tambaya, ya sa hannu. Ke 'Yar Kiyawa kina cikin waɗannan, saboda haka tambayarki tana da inda za ta sauka. Ki nemo imel ɗin da aka gayyace ki Dutse da shi. In da sunan mutum a ƙasansa, shi za ki rubuta wa, a kan wannan saƙon, don ya ga sunan gurbin da ranar ba sai ya yi ta lalube ba.

Na Gumel:
Na duba, Anti. Uku `noreply` ne. Na huɗun dai mutum ne, kuma bai amsa ba.

Baban Khalifa:
Bari in ba da nawa, don kusan irin naki ne. Ni a wani ƙauye nake ta wajen Kafin Hausa, sabis sai na hau bayan makarantar firamare. Bara na nemi aikin tattara bayanai kan noman shinkafa a fadamar Haɗeja. An yi mana gwaji da KoboCollect, manhajar cike fom a waya: a ba ka fom, ka yi wa wani tambayoyi kamar manomi ne, ka ɗauki wurin da kake, ka tura. Na fito ina ganin na cinye, har na saya wa yara ƙosai a tasha. Kwana goma sai ga saƙon haƙuri.

A daren na rubuta amsa mai zafi, wajen layi ashirin, har da cewa ni ɗan yankin ne, na fi waɗanda za su kawo daga birni sanin hanya. Allah ya taimake ni sabis ya ɗauke, bai tafi ba. Da safe na karanta, kunya ta kama ni, na goge. Sai ran na biyu na sake rubutawa. Da Turanci na yi tunda da shi suka rubuto, amma ga abin da na ce:

"Na gode da sanar da ni, da kuma damar da aka ba ni ta zuwa gwajin ranar Talata. Na karɓi hukuncin. Idan da hali, ina so in san abu ɗaya: tsakanin gwajin waya da tambayoyin baka, wanne ne ya fi ja ni baya? Ko layi ɗaya ya ishe ni. Ina zaune a ƙaramar hukumar Kafin Hausa, ina da babur, ina jin Fulatanci. Na amince a ajiye takarduna, a tuntuɓe ni idan wani aiki ya taso a yankin."

Shi ke nan. Kwana tara shiru, har na cire rai. Sai matar da na rubuta wa ta amso da layi uku. Ta ce a baka na yi kyau, amma fom ɗina bai iso musu ba sam, don haka sifili aka ba ni a gwajin. Na buɗe wayata na duba, wallahi ga shi nan kwance a `Drafts`. Ajiye shi na yi a matsayin wanda ba a gama ba, bai ma shiga `Ready to send` ba balle ya tafi. Da ban tambaya ba, da har yau ina nan ina cewa an yi mini rashin adalci, kuma da na sake yin kuskuren a wani wurin.

Bayan wata huɗu, da damina, ta kira ni a waya. Ba babban aikin ba ne, na kwana goma sha biyu ne, wani ya janye ana saura kwana biyu a fara, suna neman mai babur da ke kusa. Ta ce da ta rubuta Kafin Hausa a wurin bincike na imel ɗinta, saƙona ne ya fito.

Ɗan Maigatari:
Ma sha Allah. Amma ni a ganina Baban Khalifa ya yi sanyi. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A amsa nan take, kuma a danna `Reply all`, a saka shugaban ofishin a ciki don kada ƙananan ma'aikata su danne saƙon. Sannan a haɗa takardar tarihin aiki sabuwa.

Anti Mai Fayil:
Maganar kada a daɗe gaskiya ce, Ɗan Maigatari. Kwana ɗaya zuwa uku ya yi, lokacin 'yan kwamitin ba su manta fuskarka ba. In ka kai wata guda an rufe fayil, an koma wani aikin. Amma sauran biyun, kul. Na taɓa ganin an tura saƙon haƙuri ga mutane da yawa a haɗe, mai turawa ya manta bai sa su a `Bcc` ba, wato inda ake ɓoye adireshin kowa daga sauran, wani bawan Allah ya danna `Reply all` ya zazzage cikinsa, duk abokan takararsa suka karanta. Saka shugaba kuma, ga wadda ke riƙe da fayil, ƙara ce ka kai ta. Daga nan ba za ta rubuta maka komai ba sai abin da ba za a kama ta da shi ba.

Wannan ne ma ya sa tambayar Baban Khalifa ta samu amsa. Kalmar "me ya sa ba ku ɗauke ni ba" tana firgita ofis, don amsarta kan iya zama hujjar ƙorafi, kuma tana jawo maganar wanda aka ɗauka, wanda ba mu da ikon faɗa. Sai a ba ka amsar da ake ba kowa: an samu wanda ya fi dacewa. Shi kuwa ya ce ya karɓi hukunci, sannan ya ba ta zaɓi biyu. Ta buɗe takardar maki, ta duba, ta rubuta, minti biyu. Kuma ku lura da layinsa na ƙarshe. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane a 2023, wasu ofisoshin suna taka-tsantsan da riƙe takardun wanda ba su ɗauka ba. In ka rubuta da hannunka cewa ka amince, ka sauƙaƙa musu. Abin da ya ambata kuma, gari da babur da yare, su ne ainihin abin da ake nema ran da aka shiga matsi.

Malam Na Rano:
Ni ma ina da irin wannan matsalar. Na cike neman aikin koyarwa a shafin gwamnati, sunana bai fito ba. Wa zan tura wa? Wani ya kira ni ya ce in turo dubu talatin a mayar da sunana a jerin na biyu.

Baban Khalifa:
Malam, naka daban ne, ba a turo maka komai ba balle ka amsa. Amma kada ka tura ko sisi. Wanda ya ce ka biya a mayar da suna, kuɗinka yake so.

Maman Ilham:
Kada dai a sa wa yarinya rai da yawa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, an yi mini tambayoyi a wani wuri, aka ce a'a, na rubuta cikin ladabi kamar yadda ake faɗa. Amsar da na samu ita ce ƙa'idarsu ba ta yarda a yi wa kowa bayani ba. Ban ji daɗi ba, amma na ce na gode. Abin da ban sani ba shi ne ko ya dace in sake taɓo su. Lambar mutumin tana ƙasan imel ɗinsa, har na ajiye ta, kullum sai in buɗe WhatsApp in rufe.

Anti Mai Fayil:
Ni dai ba na son a biyo ni ta WhatsApp a kan maganar aiki, musamman da dare. Tunda sun ce ƙa'ida ce, ki bar maganar bayani. Ki jira sai sun buga wani gurbi, ki cike ta hanyar da suka ce, sannan ki koma kan tsohon saƙon ki rubuta layi biyu cewa kin nema. Ga wanda aka yi wa shiru kuma, tuni ɗaya bayan kamar kwana goma, daga nan a bari.

Ɗan Maigatari:
Anti, a nan kam ban yarda ba. A ƙasar nan mutum nawa ne ke buɗe imel? Ni aikin da nake yi yanzu, gaisuwar Juma'a a WhatsApp ce ta sa aka tuna da ni.

Maman Ilham:
Kai namiji ne, Ɗan Maigatari. Ni in na fara tura wa wani gaisuwar Juma'a, wata fassarar za a yi.

'Yar Kiyawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, saƙon haƙurin daga `noreply` yake, amma na gayyatar wata mata ce ta sa sunanta. Na rubuta layi biyar, na tambaye ta tsakanin gwajin da tambayoyin, na ce ina Kiyawa kuma zan iya zuwa Jahun da Birnin Kudu. Ban tura ba tukuna, sai gobe da safe in na sake karantawa. Baban Khalifa, na buɗe KoboCollect ɗina ma, nawa yana cikin `Sent`, to ba nan ba ne. Ina zargin tambayar da suka yi mini ce, wai me zan yi in na gano mai tattara bayanai yana zama a gindin bishiya yana cike fom da kansa. Na yi ta kame-kame a wurin.