DLSS ya ƙara min gudu amma hoto ya dushe, wane zan zaɓa?

Hamadu, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwamfutata tana da RTX 2060, allona inci 24 ne, 1080p, 60 Hz. A Cyberpunk 2077 idan ban kunna DLSS ba ina samun firam 44 zuwa 48 a daƙiƙa. Da na kunna DLSS na sa shi a Performance ya wuce 70, amma fuskokin mutane kamar an shafa musu man shanu, wayoyin lantarki na nesa kuma sai kyarma suke. Firam 60 tsayayye nake so, da hoto mai kaifi. Me zan zaɓa?

Bappa Sali, Marwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kashe shi gaba ɗaya. Duk waɗannan dabaru ƙaramin hoto suke ja su buɗe, kamar a ɗauki hoton fasfo a ce za a yi allon talla da shi. Ka haƙura da 45 ɗinka.

Malam Yaya, Ngaundare: Bappa, da FSR 1, tsohuwar dabarar AMD, kake nufi da na bi bayanka, don shi hoto ɗaya yake kama ya faɗaɗa. DLSS na Nvidia da FSR 2 zuwa sama da XeSS na Intel ba haka suke aiki ba. A kowane firam wasan yana ɗan gusar da inda yake ɗaukar samfur, gusawar da ba ta kai fiksel ɗaya ba, sannan ya faɗa wa dabarar inda kowane abu ya motsa. Ita kuma sai ta tara abin da ta gani a firam-firam na baya ta gina na yanzu. Shi ya sa idan ka tsaya cak hoton yake fita tas, da ka juya kyamara sai ya yi laushi, saboda abin da aka tara ya daina dacewa da abin da ke gabanka.

Hamadu, abin da ya cuce ka shi ne sunan. Quality da Performance ba girman hoto ba ne, kaso ne na allonka. Quality kashi biyu cikin uku ne a tsawo da faɗi, Performance rabi. A allonka na 1920x1080, Quality yana zana 1280x720, Performance kuma 960x540. Wannan na biyun fiksel 518,400 ne kacal, rubu'in abin da allon yake nunawa. Wayar lantarki mai nisa a irin wannan girma ba ta cika fiksel guda ba, wani firam a kama ta, wani a rasa ta, ita ce kyarmar da kake gani. Mutanen da ke yabon Performance yawancinsu allon 4K gare su, inda rabin ya zama 1920x1080, wato ninki huɗu na abin da naka yake farawa da shi. Suna ɗaya, hatsin da aka zuba a turmi ne ya bambanta.

To ka tsaya a Quality, ko Qualité idan wasanka da Faransanci yake. Idan bai kai ka 60 ba, kada ka sauko, ka nemi cikon a wani wuri. Tabbatar Ray Tracing a kashe yake, wannan katin ba zai ɗauke shi a 60 ba. Sauke Screen Space Reflections Quality zuwa Medium, haka ma Volumetric Fog Resolution. Waɗannan biyun suna cin ƙarfi sosai, kuma da wuya idonka ya lura da ragin yayin da kake tsakiyar harbi. Sannan ka kashe Motion Blur da Film Grain da Chromatic Aberration, don su ma suna ƙara dushewar da ake ɗora wa DLSS laifinta.

Idi, Kuseri: Ni ina ga matsalar intanet ce. Nawa ma da yamma haka yake sarƙewa, sai na koma kusa da taga.

Hamadu, Garwa: A'a Idi, wannan wasan ni kaɗai nake buga shi, ko babu intanet yana tafiya.

Mahamat, Njamena: Malam, ni GTX 1660 gare ni, DLSS ko fitowa ba ya yi a jerin. Na sa FSR a Quality, sai ciyawa da gashin mutane suka riƙa tartsatsi in ina gudu. Na koma XeSS, shi ma Quality, tartsatsin ya ragu amma hoton ya fi laushi. Na rasa na kamawa.

Malam Yaya, Ngaundare: DLSS sai katin RTX, don haka naka tsakanin waɗannan biyun ne. Amma ka duba ko gwajin naka na adalci ne. Tun daga XeSS 1.3 Intel ta sauya ma'anar sunayen: abin da suke kira Quality yanzu raba allo da 1.7 ne, kusan Balanced na sauran. Wanda ya yi daidai da Quality na FSR shi ne Ultra Quality. Sa wannan ka sake kallo. Sai dai XeSS a katin da ba na Intel ba yakan ɗan fi FSR nauyi, kana iya rasa firam kaɗan.

Bappa Sali, Marwa: To idan laushi ne damuwar, ai akwai Sharpness. A ja shi ƙarshe a huta.

Malam Yaya, Ngaundare: Kaɗan yana taimako, Bappa. Idan aka cika shi sai ka ga farin zare ya zagaye gefen gine-gine, kyarmar wayoyin kuma ta ƙaru, don yana ƙarfafa abin da ke nan ne, ba ya dawo da wanda ba a zana ba.

Fadimatu, Garwa: Abu ɗaya da ba a taɓo ba. Hamadu, kunna manhajar MSI Afterburner ka kalli aikin GPU, wato katin hotonka, a wuri mai cunkoso, kamar kasuwa a cikin wasan. Idan yana 97 zuwa 99 cikin ɗari, katin ne ya cika, DLSS zai taimake ka. Idan yana yawo wajen 70 amma firam ya ƙi tashi, CPU ne ya riƙe ka, ko ka sauka har Ultra Performance ba abin da zai ƙaru sai dushewa. A nan Crowd Density za ka rage. Ni wata biyu na yi ina sauke DLSS a banza kafin na gane haka. Kuma ka yi gwajin da rana tsaka, ba da asuba ba. Zafin Garwa a watan Afrilu kowa ya san shi, kati idan ya yi zafi da kansa yake rage gudu.

Ni a nawa allon na fi jin daɗin wata hanya: in kunna DLDSR 1.78x a saitin Nvidia, wasan ya ɗauka allona 2560x1440 ne, sannan in sa Performance. Cikinsa 1280x720 ne dai, amma a idona ya fi kaifi in ana motsi.

Malam Yaya, Ngaundare: Lissafinki daidai ne, Malama, amma ba kyauta ba ne. Ginin hoton da duk abin da ke biyo bayansa a 1440p ake yinsu, kuma RTX 2060 ɗin da aka saba gani 6 GB gare shi. Ina tsoron firam ɗin da yake nema su tafi a nan.

Fadimatu, Garwa: Ya gwada dai. Minti biyar ne.

Hamadu, Garwa: Na gode ƙwarai. Na sa Quality, na sauke waɗancan biyun zuwa Medium, na kashe Motion Blur da 'yan uwansa. Yanzu 61 zuwa 66 nake gani, GPU yana 98, fuskoki sun dawo, rubutun allunan titi ma yana karantuwa. A tsakiyar gari da azahar yakan faɗo 55, kati yana nuna digiri 83, gobe zan buɗe akwatin in hure ƙura. Saura abu ɗaya: in ina tuƙi da sauri ina ganin wata inuwa siririya tana bin bayan motar. DLDSR ɗin ban gwada ba tukuna, an ɗauke wuta.