Rizab ɗin babban banki: ajiya ce, rumbu ne, ko bashi?

Bilkisu: Salamu alaikum jama'a. Ina fassara wani bayani a kan lissafin Babban Bankin Najeriya saboda shirin rediyo a nan Abuja, sai kalmar rizab ta tsaya mini a maƙogwaro. A sakin layi na farko an ce in babban banki ya ba bankuna rance, rizab yana ƙaruwa a gefen layabiliti, wato gefen abin da ake bin sa. A na biyu kuma an ce in ya sayi dala, rizab yana ƙaruwa a gefen kadara. Na sa "ajiya" duka biyun, da na karanta da ƙarfi ni kaina ban gane ba. A taimaka, gobe da safe za mu ɗauka.

Ɗanjuma na Kubwa: Wa alaikumus salam. Yaya Bilkisu ki sa "asusun ajiyar kuɗin waje" ki huta, shi muke ji a labarai kullum.

Malam Isiyaku: Ɗanjuma ka kama ɗaya ka saki ɗaya. Abubuwa biyu ne Bature ya laƙaba wa suna guda. Na yi shekaru ina aikin akanta a banki, bari in bi da ku ta misali.

Takardar lissafin babban banki gefe biyu gare ta. Gefe ɗaya abin da babban banki ya mallaka ko yake bin wasu, ɗaya gefen abin da ake bin sa da kuma jarinsa. A ce wani banki ya wayi gari kuɗin biyan sauran bankuna sun yi masa ƙaranci, sai ya kai takardun lamunin gwamnati jingina ya karɓi rancen naira biliyan 10. Babu motar kuɗi da za ta fito daga hedikwata. Kowane banki yana da asusu a babban banki, a nan ake rubuta masa ƙarin biliyan 10. To a gefen kadara layin rance ga bankuna ya hau da biliyan 10, domin babban banki yana bin wannan kuɗi. A ɗaya gefen, asusun bankin ya hau da biliyan 10, domin duk lokacin da bankin ya ce a biya wani ko a ba shi takardun naira, dole a ba shi. Wannan na biyun shi ne rizab ɗin farko da ya rikita ki. Ranar da aka biya rancen, layukan biyu su sauka tare.

Alhaji Mai Canji, Zon 4: Malam ban yarda da batun dalar ba tukuna. Ni in na sayi dala dubu goma, nairata ce ke raguwa, dala ta ƙaru. Jimillar abin da ke hannuna tana nan yadda take. Yaya za a ce gefe biyu sun ƙaru?

Malam Isiyaku: Ranka ya daɗe, naka lissafin daidai ne, domin kai da nairar da ka riga ka mallaka kake biya. Babban banki kuwa da rubutu yake biya. A ce ya sayi dala miliyan 1 daga wani banki, mu ɗauka a kan naira 1,500 don sauƙin lissafi. Gefen kadara: kuɗin waje sun hau da abin da ya kai naira biliyan 1.5. Ɗaya gefen: an ƙara biliyan 1.5 a asusun bankin da ya sayar. Wannan naira jiya babu ita. In kuma shi ya sayar da dala, sai a zare naira daga asusun bankin da ya saya, gefen biyu su tsuke. Kin ga Bilkisu, a ciniki ɗaya rizab biyu sun motsa, kowanne a gefensa.

Ɗanjuma na Kubwa: Wato dai buga kuɗi suke yi kenan.

Malam Isiyaku: Ƙirƙira dai, bugawa sai in bankin ya nemi tsaba. In ya ciri biliyan 2 a takarda, asusunsa ya sauka da biliyan 2, layin kuɗin da ke yawo ya hau da biliyan 2, duka a gefe guda. Nairar aljihunka ma a gefen abin da ake bin babban banki take zaune.

Bilkisu: Allah ya saka da alheri Malam, yanzu kan ya waye. Saura suna. Na kuɗin waje ina ganin "rumbun kuɗin waje". Na bankuna fa, in ce "amanar bankuna"?

Ustaz Hamisu: Hajiya a bar amana. A fiƙihu abin da aka ba ka wadi'a ba ka taɓa shi, in ya salwanta ba da sakacinka ba babu ramuwa a kanka. Abin da Malam ya kwatanta kuwa a zimmar babban banki yake, ko me ya faru sai ya biya. Ga shi ma wani lokacin babu abin da aka kawo aka ajiye, rubutawa kawai aka yi. Wannan ya fi kusa da bashi.

Maman Hanif: Amma in ta ce "bashin bankuna" a rediyo, wallahi kowa zai ɗauka bankunan ake bi. Mu a kasuwar Wuse in na ce bashin Ladi, sai an tambaye ni, ke ke bin ta ko ita ke bin ki? Kalmar ba ta nuna inda ta fuskanta sai an sa "bi".

Malam Isiyaku: Maman Hanif ta faɗi abin da ya dame ni tun ɗazu. Shi ya sa ga kan gefen biyu na fi son dogon suna: "abin da ya mallaka da wanda yake bi", sannan "abin da ake bin sa". Ga rizab na bankuna kuma "ajiyar bankuna a babban banki" ya wadatar, muddin ba a yanke wutsiyar ba. Wani kaso nata tilas ne, doka ta sa bankuna su bar shi a can gwargwadon kuɗin da jama'a suka ajiye a wurinsu, kuma a Satumban 2024 an kai kason bankunan kasuwanci kashi 50 cikin 100. Wannan sai a ce "ajiyar tilas", abin da ya haura kuma "rarar ajiya".

Rumbu ne ban gamsu da shi ba. Mai rumbu yana buɗewa ya ga hatsinsa. Kuɗin wajen nan galibi ba tsabar dala ba ce a wani ɗaki a Abuja, ajiya ce a bankunan ƙetare da takardun lamunin gwamnatocin waje. Kuma akwai ɓangaren da aka riga aka yi alkawarinsa ga wasu, wanda rumbu zai ɓoye.

Ɗanjuma na Kubwa: Haba Malam, ai manomi ma yakan ci bashi a kan abin da ke rumbunsa tun kafin ya buɗe. Ni rumbun ya yi mini, tsohuwata a ƙauye za ta gane shi nan take.

Ustaz Hamisu: "Taska" fa? Ko "tanadin kuɗin waje", tunda don ranar buƙata aka tara?

Alhaji Mai Canji, Zon 4: Ni wata tambayar ce ta rage mini. Dala miliyan ɗin nan da aka rubuta a kan 1,500, in ta koma 1,600, kadara ta hau da naira miliyan 100 ba tare da an sayi komai ba. Wa aka rubuta wa wannan a ɗaya gefen?

Malam Isiyaku: Babu bankin da ake ƙara wa ko kwabo, Alhaji. Ribar sauyin farashi ce a takarda, can wajen jarin babban bankin take sauka. Ita ma tana neman suna, amma ba a daren nan ba.

Bilkisu: To ga abin da zan karanta gobe: "Idan babban banki ya sayi dala daga wani banki, tanadin kuɗin wajensa ya ƙaru, ajiyar bankuna a wurinsa ita ma ta ƙaru daidai da haka, kuma wannan ajiya kuɗi ne da bankunan ke bin sa." Ɗanjuma ka yi haƙuri, na ɗauki tanadin Ustaz. In editana ya ce bai yi ba, zan koma rumbunka.

Maman Hanif: Ki sa "da naira" bayan "daidai da haka", kada a ɗauka dalar aka zuba musu.