Dalilin da alamar ɗauka ke faɗawa wancan gefen titi, da yadda za a gyara ta

Da direbobi da fasinjoji suka tattauna a Kaduna kan yadda alamar wurin ɗaukar fasinja a manhajar kiran mota ke faɗawa wancan gefen titi, yawancinsu sun ɗora matsalar a kan GPS, wato tsarin da waya ke gane inda take ta tauraron ɗan Adam. A fili, kuskuren wayar hannu wajen nuna inda mutum yake yakan kai kimanin mita 5, kuma yana ƙaruwa kusa da dogayen gine-gine ko ƙarƙashin rumfar kwano, saboda sigina na karo da bango kafin ta iso waya. A titi mai hannu biyu irin Ahmadu Bello Way, wannan ya isa ya tsallakar da alamar zuwa ɗaya hannun, domin manhajar takan manna ta a kan hanyar da ta fi kusa.

Wata mata ta ce ta kira mota tana cikin shago, sai ta hango direban a tsallake yana ɗaga mata hannu, ga shingen siminti a tsakaninsu, har sai da ya je shataletale ya juyo. Wani direba ya ce mata: "Hajiya, da kin fito waje kafin ki danna, da ba mu wahala ba."

Shawarar da na fi gamsuwa da ita ita ce mutum ya fito fili, ya jira shuɗin da'irar da ke kewaye da shi a taswira ta ƙanƙance, sannan ya faɗaɗa taswirar har hannayen titin biyu su rabu, ya ja alamar da yatsa zuwa bakin nasa gefen. Idan layin da aka zana wa direba ya ƙare a tsallake, alamar ba ta zauna ba, sai a gyara ta ko a kira shi a ce: "Malam, ina hannun masu tafiya Kawo."