Ina neman kalmar Hausa ta ker φ kafin darasin Litinin

Malamar aljabra: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan koyar da ka'idar aisomofizim ta farko, kuma da Hausa nake son yin bayanin. Na tsaya a kan rukuni da rukunin kaso G/N, amma ker φ ta gagare ni. Misalina shi ne C*, lambobin kwamfules ban da sifiri, a ƙarƙashin ninkawa, da φ(z) = |z| daga C* zuwa R*. Tunda |zw| = |z||w|, φ tana kiyaye ninkawa. Me zan kira waɗanda take kaiwa 1?

Ɗalibin ajin ƙarshe: Wa alaikumus salam, Malama. A ce masu sifirtattu, tunda sifiri ake mai da su. Amsar misalin kuwa C*/ker φ ≅ R* ce.

Tsohon malami: Ɗana, a rukunin tarawa ne kawai suke komawa sifiri. A nan ninkawa ake yi, ɗan ba-ruwanmu shi ne 1, don haka ker φ ita ce duk z mai |z| = 1, da'irar da nisanta daga tsakiya ɗaya ne. Amsarka ma da gyara. Ka'idar cewa ta yi G/ker φ ≅ im φ, wato inda φ ta taka da ƙafarta, ba duk filin da aka nufa ba. Tsawo ba ya zama ƙasa da sifiri, saboda haka lambobin da suka fi sifiri kaɗai ake samu, kuma kowace r a cikinsu ana samunta, tunda |r| = r. Ni ƙwaya nake cewa. Kalmar Jamusanci da ta Faransanci da ta Larabci duk ma'anarsu ke nan, abin da ke cikin ɗan itace.

Ɗalibin ajin ƙarshe: Na gane, Malam. Amma ba za a iya samun wata hanyar da za ta daidaita kason da R* ba?

Tsohon malami: Ba za a samu ba. A R* akwai −1, wanda ba 1 ba ne amma in ka ninka shi da kansa sai ya ba ka 1. Nemi irinsa a kason. Kowane ɗan kaso da'ira ce guda mai tsawo r, in ka ninka ta da kanta ka sami mai tsawo r². Kafin ta koma da'irar farko sai r² = 1, kuma r ya fi sifiri, to r = 1 ke nan. Babu mai oda 2 a can, akwai shi a R*, ba su zama ɗaya ba.

Ɗan kwamfuta: Mu kanel muke cewa a Linux, kowa ya saba. A bar shi haka.

Malamar aljabra: Wannan na injin ne, ɗan'uwa, nawa na lissafi ne. Kuma in na ce kanel, kanar ɗin soja za su ji. Ƙwaya ma ina tsoro, Malam, ka san abin da matasa ke nufi da ita.

Mai kishin harshe: Ƙwaya ai aro ce da aka sa wa riga. Har yaushe za mu riƙa bin sawun wasu? Na daɗe ina cewa shafaffu, domin φ shafe su take yi. Kalma tamu, daga tushenmu.

Tsohon malami: Ranka ya daɗe, shafaffu za ta ɓatar da yara. Ba a shafe su ba, su ne ma'aunin komai. Ɗauki 3 + 4i da 5. Tsawonsu duka 5 ne, kuma in ka raba na farko da na biyu ka sami (3 + 4i)/5, mai tsawo 1. Abin da ya sa suka faɗa da'ira ɗaya ke nan: φ(a) = φ(b) daidai lokacin da ab⁻¹ ke cikin ker φ. Wanda aka ce masa an shafe su ba zai koma ya neme su ba.

Mai kishin harshe: Ku da kuka yi karatu da Turanci kullum kunya kuke ji a ƙirƙiro. Aisomofizim ɗin ma da ta rubuta, Hausa ce?

Tsohon malami: Turancin ma daga Girkanci ya aro ta, bai ji kunya ba.

Mai kishin harshe: To a ce cibiya, in dai shafaffu ce ba ku so.

Malamar aljabra: Cibiya na riga na ba Z(G), masu musanya wuri da kowa a ninkawa ba tare da amsa ta canza ba. A misalina Z(G) duk C* ce, ker φ kuwa da'ira kawai. In suna ɗaya suka ci, an gama ruɗa ajin. Zan ɗauki ƙwayar φ, kullum tare da φ ɗin, in rubuta ker φ a allo.

Mai kishin harshe: Ki yi darasinki da ita, Malama, amma ban yarda an rufe magana ba.

Malamar aljabra: Na gode. Saura im φ. Hoto ko masauki? Na fi karkata ga masauki, sai dai ina gudun su ɗauka duk R* ake nufi.