Neman kalma: wannan yanki da ke kewaye da tauraro, me za mu kira shi?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara labari ne a kan duniyar da ke zagaya tauraron Proxima Centauri, sai na yi karo da abin da Turawa ke kira habitable zone. Na rubuta "yankin rayuwa", amma raina bai kwanta ba, don na karanta wa ƙanwata sai ta ce, "To Yaya, su wane ne a can?" Alhali labarin bai ce an ga ko kiyashi ba. Malamai, a taimaka kafin gobe da safe.

Ɗan Fadama: Wa alaikumus salam. Ni ban ga laifin "yankin rayuwa" ba. Ba wurin da masu kuɗin Amurka ke son ƙaura su koma ba ne? Ka ce "duniyar da ɗan Adam zai iya tarewa" kawai, ka huta.

Malamin Kimiyya: Alhaji, ba maganar tarewa ake yi ba. Malam Mai Fassara, ƙanwarka ta gama maka aiki, tunda ta nuna maka inda kalmar ke yoyo. Abin da masana ke nufi ƙarami ne ƙwarai: tazara ce daga tauraro, inda idan duniya mai ƙasa da duwatsu ta zauna, kuma tana da iska isasshiya, ruwa zai iya kwanciya a bayanta yana ruwa, bai daskare ba, bai ƙafe ya zama tururi ba. Nisa kawai aka auna. A lissafin da aka saba kawowa tun 2013, na ranarmu ya faro ne daga dab da inda muke, wato wajen kilomita miliyan 150, ya miƙe har kusan miliyan 250. Ku ɗaga kai ku dubi wata. Nisansa da rana ɗaya ne da namu, yana cikin yankin dumu-dumu, amma ba iska, ba rafi, da rana zafi ya haura digiri 100, da dare sanyi ya wuce 100 ƙasa da sifili. In mun ce "yankin rayuwa", mun yi wa wata shaidar zur.

Ɗalibar Jami'a: Malam, ni a fahimtata Mars tana waje ne, shi ya sa ta daskare. Ashe ba nisan ne ya kashe ta ba?

Malamin Kimiyya: Kin kama rabi. Tana samun ƙasa da rabin hasken da muke samu, wannan gaskiya ne. Amma nisanta kilomita miliyan 228 ne, kin ga tana ciki, daga gefen waje. Ciwonta iska ce. Nauyin iskar da ke danne bayanta bai kai kashi 1 cikin 100 na tamu ba. Ruwa kuwa sai an danne shi yake zama ruwa. Wanda ya taɓa dafa wake a kan tudu mai tsawo ya san ruwa na saurin tafasa a can, waken kuma ya ƙi nuna da wuri. A Mars abin ya kai maƙura: ki zuba kofin ruwa, wani ya tashi tururi, saura ya daskare. Ga busassun hanyoyin koguna a jikinta, alamar an yi ruwa a da. Ƙarama ce, nauyinta wajen kashi 1 cikin 10 na duniyarmu, ta rasa garkuwar maganaɗisu da ke kare duniya daga guguwar rana tun da daɗewa, iskarta ta yi ta zurarewa sararin samaniya. Mu ma da ba don iskar da ke riƙe mana zafi ba, matsakaicin yanayinmu zai zama digiri 18 ƙasa da sifili ne, maimakon 15 a sama.

Hajiya daga Damagaram: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba 'yar boko ba ce sosai. Bayanin Malam ya tuna mini jin ɗumi lokacin hunturu. A hura wuta a tsakar gida, yara su kewaye. Wanda ya matsa da yawa ƙaurinsa ya toye, na nesa haƙoransa na kaɗawa. Akwai wani zagaye da kowa ke rububi. Kuma a zagayen nan, mai bargo daban, mai shimi daban. Kakarmu takan kori wanda ya zo ba mayafi, ta ce wutar ba za ta yi masa komai ba. Me zai hana a ce "zoben ɗumi"?

Mai Fassara: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan ta shiga kunne.

Malamin Kimiyya: Hajiya ta ma kawo abin da na manta, girman wutar. In garwashi ne ya rage, dole a matso. Lissafinsa ba wuya: in ka ninka nisa sau 2, hasken da ke iso maka ya koma kashi 1 cikin 4. Mu ɗauki tauraron labarinka. Proxima ƙaramin ja ne, haskensa kusan kashi 1 cikin 600 na ranarmu. Wace lamba ce in ta ninka kanta take ba da 600? Kusan 25. Sai ka raba miliyan 150 gida 25, ka samu kilomita miliyan 6. A nan ne duniya za ta ji ɗumi irin namu. Wadda aka sanar da ganowa a 2016 tana wajen miliyan 7, tana gama zagaye cikin kwana 11. To daga wannan lissafi aka ce tana cikin yankin. Ba a ɗauki hotonta ba. Rangajin da take sa tauraron yi ne aka auna, wannan kuwa nauyi da nisa yake nunawa, ba ya nuna iska ko ruwa. Ga kuma matsalar zama kusa da garwashi: irin waɗannan taurari suna yawan tartsatsin wuta mai ƙarfi, wanda zai iya kwashe iskar duniya a hankali.

Ɗalibar Jami'a: Ni dai "ɗumi" bai gamsar da ni ba, Malam. Ma'aunin ai ruwa ne. Mutum zai ji ɗumi ya ɗauka yanayi mai daɗi ake nufi, ga shi ka ce Mars na ciki tana kyarma. Na fi son "zoben ruwa".

Ɗan Fadama: 'Yata, in kin ce zoben ruwa ni zan tambaya ina ruwan. Na taɓa sayen fili don an ce mini fadama ce, na haƙa har gaba goma, yashi kawai. Kin ga kin maimaita kuskuren "rayuwa".

Malamin Kimiyya: Alhaji ya yi gaskiya a nan. Akwai kuma wata: Yuropa, ɗaya daga cikin watannin Jupita, tana can nesa da zoben, amma hujjoji masu ƙarfi sun nuna teku a ƙarƙashin ƙanƙararta, jan da Jupita ke mata ne ke ɗumama cikinta. Ashe ruwa ba a cikin zoben kaɗai yake ba. "Ɗumi" aƙalla yana faɗin abin da tauraro ke bayarwa, ya yi shiru kan abin da duniyar ta yi da shi. Kalmar "zobe" ce ma nake ɗan shakka, don za a iya rikita ta da zoben da ke kewaye da duniyar Saturn.

Hajiya daga Damagaram: To a ce "da'irar ɗumi".

Ɗalibar Jami'a: Da'ira layi ce siririya, Hajiya, wannan kuwa yana da faɗi, kusan kilomita miliyan 100.

Mai Fassara: Lokaci ya ƙure mini. A labarin gobe zan rubuta "zoben ɗumi", in bi shi da jimla ɗaya: tazarar da ruwa zai iya zama ruwa in duniyar na da iskar da za ta riƙe shi. Na gwada wa ƙanwata, wannan karon cewa ta yi, "To tana da iskar?"

Ɗalibar Jami'a: Ni a takardata "zoben ruwa" zan ci gaba da sawa, sai malaminmu ya soke.