Ƙanena ya cinye mana ma'ajiyar Google One, kuma da alama yana ganin hotunana

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara, kaina ya kulle. Ni ce babba a gidanmu, tun rasuwar Baba komai a kaina yake, har kuɗin makarantar autanmu. Bara na sayi Google One mai 200 GB na saka maigidana da Umma da shi autan, don kada kowa ya riƙa biyan nasa. Yau kwana uku saƙo ba ya shigo mini a Gmail, wai wuri ya cika, kuma yaron nan ne ya cinye fiye da rabi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, jiya ya tambaye ni jikina, alhali takardar asibitin hotonta kawai na ɗauka, ban tura wa kowa ba. Za a iya yanka wa kowa kasonsa? Kuma shiga tsarin iyalin ne ya sa yake ganin kayana?

Mai Gyaran Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Abu biyu ne kika haɗa, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Tsarin iyali wuri kawai yake rabawa. Ke da kike biya ma, iyakar abin da za ki gani shi ne yawan wurin da kowa ya ci, ba za ki iya buɗe hoto ko wasiƙar kowa ba, balle shi ya buɗe naki. In dai ya ga takardar nan, ta wata ƙofar ya gani. Batun kaso kuwa, Google One ba shi da wurin da za ki ce wane kada ya wuce 50. Randa ɗaya ce, mai babban kofi shi ke kwashewa. Ki karɓi wayar kowa ki faɗa mana nawa kowanne ya tara. Sannan wayar da ke hannun yaron, daga ina ta fito?

Abban Gida: Cire shi kawai. Ni haka ɗan yayana ya yi mini, wata takwas yana loda bidiyon ƙwallo ina biya, ko na gode babu. Ranar da na cire shi uwarsa ta yi sati biyu ba ta ɗaga wayata. Yaran yanzu in ka ba su hannu sai su kama kafaɗa.

Uwar Marayu: Kai Abban Gida a yi hattara. Ni na ji an ce da zarar an cire mutum komai nasa gogewa yake yi. Yaro ɗan makaranta, in takardun karatunsa suka tafi fa?

Mai Gyaran Waya: Ba haka ba ne Anti, ba a gogewa nan take. Zai koma kan 15 GB ɗinsa na kyauta, kayansa suna nan, sai dai tunda ya wuce iyaka ba zai iya ɗora sabon abu ba, Gmail ɗinsa kuma ba shiga ba fita. Sai asusu ya shekara 2 a haka kafin a kai ga maganar gogewa. Amma akwai tarko ɗaya: sau ɗaya ake barin mutum ya sauya rukunin iyali a cikin wata 12, don haka kada a ɗauka zai riƙa tsalle daga nan zuwa can yadda ya ga dama.

Maman Biyu: Na duba. Ni 72, maigida 40, auta 118, Umma 9. To ai in aka haɗa 239 ne, ta yaya ya wuce 200 ɗin? Wayar kuma tsohuwar tawa ce na ba shi, amma sai da na goge komai tas kafin na miƙa masa. Cirewa kam ba zan iya ba, amana ce Baba ya bar mini.

Mai Gyaran Waya: Lissafin daidai yake Hajiya. Duk wanda kika saka, sai ya cika 15 ɗinsa na kyauta kafin ya fara taɓa na taron. Maigida 40, a cire 15, saura 25. Auta 118, a cire 15, saura 103. Umma da ke kan 9 ko ɗigo ba ta sha ba. Naki 72 ɗin duka a ciki yake, domin naki na kyauta yana cikin 200 ɗin. 72 da 25 da 103, ga 200 cif. Shi ya sa wasiƙunki suka tsaya.

Yanzu maganar gogewa. Hotuna da manhajoji kika bi kika share da hannu, ko `Factory reset` kika yi? In na farkon ne, asusunki yana nan a kan wayar. Ko ya ƙara nasa, taɓa ɗan hoton da ke saman Google Photos kawai zai yi ya koma naki, duk abin da sabuwar wayarki ta ɗora yana gabansa. Ki shiga `myaccount.google.com`, ki je `Security`, ki nemi `Your devices`. In kin ga sunan tsohuwar wayar, ki danna ta ki zaɓi `Sign out`, sannan ki sauya kalmar sirri. Ki leƙa saitin Photos ma ki ga ko `Partner sharing` a kunne yake, don shi ma yana tura hotuna kai tsaye ga wanda aka haɗa. Kuma don Allah kada ki ce masa ya goge hotunanki daga can. In ya goge a cikin Photos da asusunki a buɗe, a wurinki ma sun tafi kwandon shara.

Ɗalibi: Anti ki sayi memori mai 128 ki saka masa a waya, magana ta ƙare.

Abban Gida: Malam ba cikin waya ake magana ba, karanta da kyau.

Hajiyar Ofis: Ni dai Microsoft 365 Family muke yi, mutum shida, kowa da 1 TB ɗinsa daban a OneDrive. Ko wani ya cika nasa bai shafe ni ba. In kaso kike so, wannan shi ne kaso na gaskiya.

Mai Gyaran Waya: Gaskiya ne wannan, amma ba zai buɗe mata Gmail ba. Gmail da Drive da Photos lissafinsu ɗaya ne, sai an rage a can. Mafi sauri, auta ya buɗe `one.google.com/storage` a asusunsa ya ga me ya ci wurin. Na tabbata bidiyo ne, ko ajiyar WhatsApp, wadda tun 2024 ake lissafa ta a cikin wurin Google a wayoyin Android. Ya kashe `Include videos` a saitin ajiyar, ya kwashe manyan bidiyoyin zuwa kwamfuta, ya goge, ya kuma zubar da `Trash`, domin abin da ke kwandon sharar Drive da Gmail yana nan yana cin wuri. Ko 10 GB ya rage, wasiƙunki za su dawo shigowa.

Hajiyar Ofis: Su dawo na wata nawa? Yaron da ya tara 118 a shekara guda, goman nan ba za ta kai ƙarshen wata ba.

Maman Biyu: Na ga wayar a jerin, har an rubuta an yi amfani da ita yau. Amma ni ban yarda da gangan yake shiga ba, yaron yana da kunya, ƙila hoton ne ya faɗo masa. In na fitar da asusun yanzu zai gane na zarge shi. Ina tunanin in ƙara kuɗi in koma 2 TB kowa ya huta.

Mai Gyaran Waya: Hajiya ko 2 TB kika saya, asusunki yana kan wayarsa fa.

Abban Gida: Ki sayi 2 TB ɗin, zai cika miki shi. Ni dai na faɗa.

Maman Biyu: Bari dai in fara yi wa Umma magana tukuna. Wai in na danna `Sign out` ɗin, saƙo zai fito masa a wayar cewa ni ce na yi?