Mutum 14 ke kawo min rahoto: a ƙara shugabanni a tsakani ko a bari?

Baban Khadija: Jama'a, ina neman waɗanda suka taɓa shiga irin wannan. Ni ne manajan wani injin gyaran shinkafa a yankin Kura. Ma'aikata 120, kowane mutum 10 da sufabaiza ɗaya, ke nan sufabaiza 12. Dukansu ni suke kawo wa rahoto, ga akanta, ga mai sito. Wayata ba ta hutawa. Mai kamfanin ya ce a naɗa mutum 3 a tsakanina da su, kowa ya riƙe 4. Wa ya taɓa gwadawa?

Hajiya Maman Sadiq: Na daɗe a sashen kula da ma'aikata, kuma lissafin nan shi ne abin da nake fara yi wa masu kamfani. Ɗauki ma'aikata 256. In kowane shugaba mutum 4 zai riƙe, kana buƙatar 64 a ƙasa, 16 a samansu, 4 a saman waɗancan, sai 1 a ƙoli. Hawa 4, shugabanni 85. In kuwa kowa zai riƙe 16, to 16 ne a ƙasa da 1 a sama: hawa 2, shugabanni 17. Ma'aikatan nan dai su ne, amma albashin mutum 68 ya shiga tsakani. Kai yanzu hawa 2 gare ka, mai gida yana so ya zama 3. Kafin ka amsa masa, ka yi mako guda kana rubuta abin da kowa ya zo maka da shi. Mun yi haka a wata masana'antar robobi a Sharada, sai muka tarar mafi yawanci izinin ƙaramin kuɗi ne, bel ya tsinke, a sayo giris, wani yana son hutun kwana biyu. Aka ba sufabaizoji ikon kashe kuɗi zuwa wani adadi ba sai sun tambaya ba, layin ƙofar manaja ya ragu, ba a naɗa kowa ba.

Tsohon Saje: Ranka ya daɗe, 14 ya yi yawa. A soja kofur ne kaɗai ke riƙe mutum kamar 10. Daga nan sama, laftana ƙananan rukuni 3 yake kula da su, na samansa ma kamar haka. Bai kamata shugaba ya wuce 6 ba.

Hajiya Maman Sadiq: Baba Saje, maganar 6 ɗin tana da asali. Wani masanin harkar gudanarwa mai suna Graicunas a 1933 ya lissafa alaƙoƙin da shugaba zai lura da su in an haɗa da na yaransa a junansu: mutum 5 suna ba da 100, da an ƙara ɗaya sai su koma 222. Amma wannan yana damun shugaba ne in aikin yaran a sarƙe yake da juna. A fagen daga haka yake. Masu ɗinke buhu kuwa, kowa da kekensa, mutum ɗaya zai iya duba 20.

Malam Na-Gwamnati: Mu a aikin gwamnati hawa 17 gare mu, kuma ana aiki.

Abba Direba: Malam, ai wannan matakin albashi ne. Mai mataki na 9 ba lallai yana ba mai na 8 umarni ba. Ka ƙirga teburan da fayil ke bi kafin a sa hannu.

Malam Na-Gwamnati: To, a sashenmu 6 ne. Biyu daga ciki mutum ɗaya-ɗaya ne a ƙarƙashinsu, abin da suke rubutawa a fayil bai wuce a duba na sama ba.

Anti Nas: Mu an cire mana hawa ne, kuma ba mu ji daɗi ba. Asibiti ne mai zaman kansa, aka sallami shugabannin ɗakuna don rage kuɗi, babbar nas ɗaya ta koma riƙe mu 26, safe da rana da dare. 'Yan aikin dare sai su yi wata ba su haɗa ido da ita ba. Sabuwar yarinya ta yi ta rubuta awon jini a gurbin da ba nasa ba, babu wanda ya lura sai da likita ya yi faɗa. Kai ma Baban Khadija ka duba, in injinka yana kwana yana aiki, sufabaizojin dare wa ke ganinsu?

Baban Khadija: Anti, kin taɓo wurin. 4 daga cikin 12 ɗin na dare ne, ta waya kawai nake jin su. Ina ganin mutum ɗaya zan nema na dare, sauran 8 da akanta da mai sito su ci gaba da zuwa wurina. Matsalar ita ce mai gida ya riga ya yi wa mutum 3 alkawarin muƙami, ɗaya ƙanin matarsa ne.

Tsohon Saje: Ko da haka 11 ke nan a wuyanka. Ni dai har yanzu na ce sun yi yawa.